Wa Zai Yi, Yaushe, Kuma Wa Ya Gani da Idonsa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS aka ce masa "babu netwok" ya san rabin labarin. Ya san an jira, an yi tsaki, can bayan wasu sa'o'i abu ya dawo, kowa ya kama gabansa. Rabin da bai sani ba yana faruwa ne a wani ɗaki da ba zai taɓa shiga ba, inda injiniyoyin da suka kwana suna fama da na'urori ke zama washegari ko bayan kwana biyu, su rubuta abin da ya faru, su kuma jera gyare-gyaren da za a yi don kada a maimaita. Wannan jeri shi ne abin da nake son mu duba, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi, ba tare da kowa ya ji ƙarar faɗuwar ba.

Masu aikin manhaja suna da wurare biyu. Akwai wurin gwaji, inda in abu ya lalace babu wanda ya yi asara. Akwai kuma tsarin da jama'a ke amfani da shi kai tsaye, wanda kuɗin mutane da saƙonninsu da takardunsu ke ciki. Matsalar da ta auku a wuri na biyun ita ake yi wa rahoton bin diddigi. Rubuta rahoton ba shi da wuya, don a lokacin jikin kowa yana rawa, shugabanni suna tambaya, masu hulɗa suna ƙorafi. Wuyar tana zuwa ne bayan mako uku, lokacin da ƙura ta lafa, sabon aiki ya taso, jerin nan kuma yana kwance a ƙarshen takardar da babu mai sake buɗe ta.

Akwai wani lamari da ya faru a bainar jama'a wanda ya nuna wannan fiye da duk wani bayani.

A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, wanda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye aikinsu a shafinsa, yana ƙoƙarin gyara rumbun bayanai. Kamfanin yana da rumbu biyu: babba, wanda shafin ke aiki da shi, da mataimaki, wanda ke kwafar duk abin da aka rubuta a babban. A ranar nauyi ya yi wa babban yawa, har mataimakin ya kasa bin sa, aka bar shi a baya. Maganin shi ne a share mataimakin tas, a sake kwafo masa komai daga farko. Injiniyan ya gwada, abin ya ƙi. Dare ya yi, ga gajiya. Ya sake ba da umarnin sharewa, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya lura cewa tagar da ya rubuta umarnin a ciki ta babban rumbun ce, ba ta mataimakin ba. Ya tsayar da shi, amma aikin gama ya gama. Daga bayanai kimanin gigabayit 300, abin da ya rage bai wuce 4.5 ba.

Har nan ba abin mamaki ba ne. Hannu yana kuskure, shi ya sa ake ajiye kwafi. Sai aka je ɗauko kwafin.

Kamfanin yana da hanyoyi har biyar na ajiya da kwafi, amma a daren babu ɗaya da ta yi aikin da aka kafa ta dominsa. Mataimakin an riga an share shi. Hoton faifai da kamfanin Azure ke iya ɗauka an kunna shi ga wasu na'urori, ba a kunna wa na rumbun bayanai ba. Ita kuwa babbar hanyar, wata 'yar manhaja mai suna `pg_dump` da ya kamata ta kwashe rumbun duk bayan awa 24 ta kai ma'ajiyar S3 ta Amazon, da aka leƙa ma'ajiyar sai aka tarar babu komai. Dalilin ƙarami ne har ya ba da haushi: rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, ita kuma manhajar kwashewar ta 9.2 ce, don haka kullum in ta tashi sai ta ƙi aiki. Tana aika imel ta ce ta gaza, amma saƙon bai cika wani sharaɗin tantance imel da ake kira DMARC ba, sai na'urar karɓa ta riƙa mayar da shi. Mai gadi yana ihu, ƙofar ɗakin da yake ihun a rufe take.

Abin da ya cece su sa'a ce kawai. Kimanin awa shida kafin sharewar, injiniyan ya ɗauki hoton rumbun da hannunsa don wani gwaji. Daga wannan hoto aka dawo da komai, kuma kwafowar ta ci kusan awa 18 saboda faifan wurin gwajin ba su da sauri. Duk abin da mutane suka rubuta a rumbun cikin waɗancan sa'o'i shida ya tafi: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin asusu wajen 700. Kamfanin bai ɓoye ba, har a YouTube ya nuna aikin dawowar kai tsaye, sannan ranar 10 ga Fabrairu ya fitar da cikakken rahoto.

A cikin rahoton sun yi ta tambayar kansu "me ya sa", amsa tana haifar da wata tambayar. Da suka iso kan dalilin da ya sa ba a gwada kwafin ajiya a kai a kai, amsar da suka bayar ba ta shafi na'ura ba. Sun ce aikin ba shi da mai shi, don haka gwada shi bai rataya a wuyan kowa ba. Shi ya sa a jerin gyare-gyarensu, tare da irin su ɗaukar hoton rumbu duk awa, da sa ido kan kwafin ajiya da manhajar Prometheus, da canza alamar tagar umarni don a riƙa bambance na'ura da na'ura, akwai wani layi da ba na fasaha ba ne sam: a naɗa mutumin da zai ɗauki nauyin dorewar bayanai. Kowane layi kuma an ba shi lambar tikiti a ma'ajiyar ayyukansu da kowa zai iya buɗewa ya ga inda aka kwana.

Suna ɗaya, ba sunan sashe ba

Na zauna a irin wannan taro a wani ƙaramin kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Mutum tara ne a ɗakin, an kunna majigi, ana karanta jeri. Aka zo layin da ke cewa "a inganta sa ido kan kwafin ajiya". Mai jagorantar taron ta tambaya wa zai ɗauka. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai wani ya ce ai wannan na sashen kula da na'urori ne. Kowa ya gyaɗa kai, har da mutum ukun da ke sashen. Aka rubuta sunan sashen, aka wuce. Bayan wata biyu na tambayi ɗaya daga cikin ukun, ya ce ya ɗauka abokin aikinsa ya yi. Abokin ya ce shi a saninsa shugabansu ne zai raba aikin. Shugaban kuwa ya ce yana jiran a buɗe masa tikiti. Babu maƙaryaci a cikinsu, kuma babu malalaci.

Wannan ne ya sa ƙa'idar farko ba ta da sassauci: kowane aiki sunan mutum ɗaya ake rubuta masa. Ba lallai shi zai yi aikin da hannunsa ba, yana iya neman taimako ko ya raba shi. Amma shi za a tambaya, kuma shi zai amsa. Sai an tabbata ya ji ya kuma karɓa, domin rubuta sunan wanda ba ya ɗakin, ko wanda ya tafi hutu, daidai yake da barin gurbin babu kowa. In aikin na wani sashe ne daban, mai rahoton ba ya jefa musu shi ta kan katanga ya juya. Yana zuwa wurin shugabansu, a amince, a fitar da suna daga cikinsu.

Akwai tarkon da ake yawan faɗawa a nan, wato a ɗora duk ayyukan a kan wanda hannunsa ya yi kuskuren, kamar wani horo. Wannan barin jaki ne ana dukan taiki. A lamarin GitLab, wanda ya share rumbun ba shi ya sa `pg_dump` ta tsufa ba, ba shi ya hana imel shiga ba. Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa in ana hukunta mai kuskure, gobe ba wanda zai faɗi gaskiyar abin da ya danna. Don haka ake ba da aiki ga wanda yake da iko da sanin yin sa, ba ga wanda ake jin haushinsa ba. Haka nan layin da ke cewa "a riƙa yin hankali" ba aiki ba ne. Mutum da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba ya ƙara hankali don an rubuta masa a takarda. Abin da ake iya canzawa shi ne na'urar: a sa tagar babban rumbu ta bambanta da ta mataimaki ta yadda ido zai gani tun kafin yatsa ya sauka.

Suna kuma yana ruɓewa. Mutum yakan bar aiki ko a mayar da shi wani sashe, tikitin ya ci gaba da ɗauke da sunansa wata da watanni. Duk wanda ke bin sawun jerin dole ya riƙa duba wannan, ya sake naɗa wani tun kafin na farkon ya miƙa makullansa.

Yadda ake rubuta aikin da zai iya ƙarewa

Kafin a sa rana, sai a duba ko jimlar da aka rubuta tana da ƙarshe. "A inganta sa ido kan kwafin ajiya" ba ta da shi. Yau in an ƙara ƙararrawa ɗaya an inganta, in an ƙara goma ma an inganta, babu ranar da wani zai ce an kammala ko ba a kammala ba. A shekarar 2017 wasu ma'aikatan Google uku, John Lunney da Sue Lueder da Betsy Beyer, sun rubuta maƙala a kan wannan batu, suka ce aikin da ya fito daga rahoto yana bukatar siffofi uku: ya zama abin da za a iya aikatawa, ya zama takamaimai, ya kuma kasance da iyaka. Ben Treynor Sloss, wanda ya kafa sashen kula da dorewar ayyuka a Google, an san shi da ra'ayin cewa a wurin mai amfani da shafi, rahoton da ba a bi shi da aiki ba ba shi da bambanci da rashin rahoton.

Bari mu ɗauki matsalar `pg_dump` mu rubuta ta kamar a hannunmu ta faɗo. Wannan misali nawa ne, ba kwafin tikitin GitLab ba. Da farko za a ga cewa ba aiki ɗaya ba ne, uku ne. Na ɗaya gyara ne: a sa manhajar kwashewa ta dace da rumbun, 9.6 da 9.6. Na biyu ganowa ne: in kwafi bai samu ba, wani ya sani da wuri. Na uku tabbatarwa ce: a san cewa kwafin da aka samu yana dawowa. In aka cusa su a tikiti ɗaya, za a yi na farko, wanda aikin rabin yini ne, a rufe tikitin, sauran biyun su bi ruwa.

Na biyun ya fi kowanne koyarwa. Tsohon tsarin yana magana ne in ya gaza, don haka shiru yana nufin lafiya. Amma shiru yana iya nufin imel bai iso ba, ko manhajar ba ta ma tashi ba. Sai a juya tambayar. Maimakon a jira labarin gazawa, a riƙa tambayar shekarun kwafi na ƙarshe da ya yi nasara. Ga yadda aikin zai kasance a rubuce: ƙararrawa ta kira wayar injiniyan da ke bakin aiki idan kwafi mafi sabo a ma'ajiya ya wuce awa 26, ko kuma girmansa ya gaza rabin na jiya. An zaɓi 26 ne don ana kwashewa duk awa 24, an bar awa biyu saboda jinkiri na yau da kullum. Wannan jimla tana da ƙarshe. Ko ƙararrawar tana nan ko ba ta nan.

Daga nan sai a fitar da aikin daga cikin rahoto a kai shi inda ma'aikata ke duba aikinsu na kullum. Wannan mataki yana kama da ƙaramin abu, amma shi ne ke raba jerin da ke raye da matacce. Rahoto ana karanta shi sau ɗaya. Ma'ajiyar tikiti kuwa kowace safiya ake buɗe ta. A manhajar GitLab ɗin kanta, layi uku a cikin tikiti sun isa a sa suna da rana da alama:

```
/assign @username
/due 2017-02-24
/label ~"corrective action"
```

Alamar da ke layi na uku ita ke ba da damar a tace duk ayyukan da suka fito daga matsaloli, daga kowane sashe, a gan su a allo ɗaya. A cikin rahoton kuma a rubuta lambar tikitin a gaban kowane layi, a cikin tikitin a sa mahaɗin rahoton, don wanda ya gaji aikin bayan wata shida ya san dalilin da ya sa aka buɗe shi.

Rana

"Nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce, "wata mai zuwa in Allah ya kai mu" ma ba rana ba ce har sai an faɗi kwanan watan. Amma ba duk ayyuka ke da gaggawa ɗaya ba, kuma sa wa ayyuka ashirin rana ɗaya hanya ce ta tabbatar da cewa ba za a cika ko ɗaya ba. Ana auna su da tambaya guda: in ba a yi wannan ba, matsalar za ta iya dawowa a daren yau? Gyaran `pg_dump` amsarsa e ce, don haka ba ya jiran taro, a ranar ake yin sa. Ƙararrawar awa 26 ta mako ɗaya ko biyu ce. Gina tsarin da zai riƙa gwada dawo da kwafi da kansa yana iya cin wata guda ko fiye. Kamfanin Atlassian, a ƙa'idarsa ta kula da matsaloli, yana ba ayyukan da aka ware a matsayin masu fifiko wa'adin mako huɗu ko takwas, gwargwadon muhimmancin tsarin da abin ya shafa. Adadin ba wahayi ba ne. Amfaninsa shi ne an amince da shi tun kafin matsala ta auku, ba a zauna ana ciniki a kansa lokacin da kowa ke neman sauƙi ba.

Mai aikin ne ya kamata ya faɗi ranar, shugabansa kuma ya amince, domin rana ba ta da ma'ana in ba a cire wa mutum wani aikin an ba shi lokaci ba. A nan ne mafi yawan jeri ke mutuwa. Gyaran da ke hana matsala ba ya kawo sabon mai saye, ba a nuna shi a taron masu zuba jari. Sabon maɓalli a manhaja ana ganinsa. Duk mako aka ɗora su a sikeli ɗaya, maɓallin ne zai rinjaya, sai in shugaba ya ware lokaci a fili ya ce wannan na gyara ne, kada a taɓa.

Ɗage rana ba laifi ba ne, ɗage ta a ɓoye ne laifi. In ranar ta zo ba a gama ba, a rubuta dalili a tikitin, a sa sabuwa, a bar tsohuwar a bayyane. Ni a ganina aikin da aka ɗage sau uku ya daina zama matsalar mai shi, ya zama ta shugabanni: ko dai su ba shi hannu, ko su fito su ce ba za a yi ba. Wannan na biyun halal ne. Akwai gyaran da kuɗinsa ya fi asarar da yake karewa. Sai a rufe shi da bayanin cewa an ga haɗarin an kuma karɓe shi, tare da sunan wanda ya yanke hukuncin. Abin da ba a so shi ne tikitin da ya shekara a buɗe, yana ba kowa kwanciyar hankalin cewa ana kan aiki alhali babu mai taɓa shi.

Bin sawun kansa ba ya bukatar dogon taro. Minti goma sha biyar a mako sun isa, in an tace jerin tun kafin a zauna. Ba a karanta duka. Ana duba waɗanda ba su da suna, da waɗanda ba su da rana, da waɗanda ranarsu ta wuce, sai kuma rukuni na huɗu da aka fi mantawa da shi: waɗanda aka rufe a makon nan. Mai jagorantar zaman ba ya cikin masu ayyukan, don kada ya zama alƙalin kansa.

Gani ya kori ji

Me ya sa za a duba tikitin da aka riga aka rufe? Domin kalmar "an gama" tana da ma'ana uku a bakin injiniya. Tana iya nufin ya rubuta gyaran. Tana iya nufin gyaran ya shiga tsarin da jama'a ke amfani da shi. Tana kuma iya nufin an jarraba an ga yana hana abin da aka yi shi don ya hana. Manhajojin tikiti da yawa suna rufe tikiti da kansu da zarar an haɗe rubutun gyaran da sauran manhajar, wato a ma'ana ta farko, tun gyaran bai kai ko'ina ba. Kuma in muka koma GitLab, duk hanyoyin nan na ajiya akwai ranar da wani ya kafa su ya ɗauka ya gama.

Don haka tun ranar da ake buɗe tikiti ake rubuta hujjar da za a karɓa kafin a rufe shi. Ga ƙararrawarmu, hujjar ba hoton rubutun da aka yi ba ce. Hujjar ita ce a haddasa matsalar da gangan: a sanar da abokan aiki, a dakatar da kwashewa ko a rage iyakar awa 26 na ɗan lokaci, a zauna a ga ko wayar mai bakin aiki za ta yi ƙara. In ta yi, a ɗauki hoton kiran da lokacinsa a liƙa a tikiti, a mayar da komai yadda yake. In ba ta yi ba, an gano imel ɗin da ba ya isowa tun rumbu yana nan lafiya.

Ga kwafin ajiya kuwa, ganin fayil a ma'ajiya ba hujja ba ne, domin fayil yana iya zama fanko ko gurgu. Sai an dawo da shi a wata na'ura daban an leƙa cikinsa:

```
createdb gwaji
pg_restore -d gwaji kwafi.dump
psql -d gwaji -c "SELECT max(created_at) FROM issues;"
```

Layi na farko yana buɗe sabon rumbu fanko, na biyu yana zuba kwafin a ciki, na uku yana tambayar lokacin da aka rubuta abu na ƙarshe. In kwafin na daren jiya ne amma amsar ta nuna makon jiya, akwai magana. Ana kuma riƙe agogo a ga tsawon lokacin da dawowar ta ci, domin kwafin da zai ɗauki awa 18 kafin ya dawo ya tsare bayanai amma bai tsare kasuwa ba, kuma gara a san haka da rana tsaka. Wanda ya yi gyaran ba shi ke tabbatar da shi ba. Wani ne daban zai bi matakan da aka rubuta, ba tare da an tsaya a kansa ana nuna masa ba, don ranar da abin zai faru da gaske mai yiwuwa marubucin yana barci ko yana jirgi.

Tabbatarwa tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Gwajin yau yana shaidar yau ne kawai. Ranar da aka ɗaga rumbu zuwa sabon zubi aka manta da manhajar kwashewa, an koma gidan jiya. Shi ya sa aikin da ya fi daraja a irin wannan jeri shi ne wanda ke mayar da gwajin abin da na'ura ke yi da kanta kowace rana ko kowane mako, ta kuma yi ƙara in gwajin bai gudana ba. Akwai kuma gyaran da ba a iya jarraba shi gaba ɗaya ba tare da an jefa masu amfani cikin haɗari ba. A nan sai a gwada a wurin gwaji, a rubuta a fili cewa iyakar abin da aka gani ke nan.

Wasu kuwa sukan yi ƙarfin halin gwada babban abin. Ranar 2 ga Nuwamba, 2023, wuta ta ɗauke a wata cibiyar na'urori da kamfanin Cloudflare ke amfani da ita a jihar Oregon ta Amurka. Shafin da abokan hulɗa ke sarrafa asusunsu da wasu ayyuka suka shiga matsala ta kusan kwana biyu. An tsara tsarin ne ta yadda in cibiya ɗaya ta faɗi sauran biyu za su ɗauka, amma sai aka tarar wasu ayyuka sun dogara da abubuwan da ke wannan cibiya kaɗai, kuma ba a taɓa gwada kashe ta gaba ɗaya ba. Kamfanin ya ayyana wani shiri da ya kira Code Orange, wanda ya ba gyaran fifiko a kan sauran ayyukan injiniyoyi. Da suka yi gyare-gyaren ba su tsaya ga rufe tikiti ba, suka katse cibiyar da hannunsu don su ga abin da zai faɗi, suka gyara abin da gwajin ya tona.

Ranar 26 ga Maris, 2024, wuta ta sake ɗaukewa a wannan cibiya dai. A wannan karon shafin sarrafa asusu ya dawo aiki cikin mintuna, ba tare da wani ya tayar da shi da hannu ba. Ɓangaren ƙididdigar zirga-zirga ne ya daɗe kafin ya farfaɗo, domin aikin raba shi da cibiyar bai kammala ba a lokacin, kuma kamfanin ya faɗi haka a rahoton da ya fitar a watan Afrilu.